Gobe ɗaya, jibi ɗaya: yadda nake duba fassarar Ingilishi kafin ta shiga rediyo

Ana saura sati biyu a fara rabon maganin kariyar masassarar damina, wato ta cizon sauro, aka turo mini wata takarda a waya, shafi ɗaya da ƴan layuka, wai in duba Hausarta kafin a kai ta gidan rediyo nan Tawa a karanta wa mutane. Asalinta da Ingilishi aka rubuta, wani yaro mai ƙoƙari da ya gama jami'a ya fassara, kuma wallahi karatun farko da na yi mata a tsaye bakin ƙofar biro sai na ji ta lau, Hausa ce mai gudu babu gargada sosai, har na kusa cewa a wuce da ita. Da na zauna da ita da dare sai da na fitar da wurare shida da ma'ana ta kauce, biyu daga ciki kuma za su iya sa uwa ta ba ɗanta magani ba daidai ba. Abin da ya sa nake son in warware maganar kenan dalla-dalla, saboda yanzu takardun Ingilishi sun yi yawa a hannunmu, balle tun 2025 da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, aka bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kowa fassara yake nema amma masu zama su duba ta kaɗan ne.

Kafin in taɓa ko kalma ɗaya sai da na tabbatar na gane abin da takardar ke magana a kai, don mutum ba ya iya gane fassara ta kauce in bai san hanyar da ya kamata ta bi ba. Wannan magani Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar a riƙa ba da shi a yankin Sahel tun 2012, a Nijar kuma an fara a 2013 a wasu gundumomi, cikinsu har da Madawa da Buza na jiharmu. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata cikin watannin da sauro ya fi yawa, kuma kowane zagaye kwana uku ne. Ranar farko ma'aikacin lafiya ko ɗan sa kai na unguwa shi ke ba yaro iri biyu a gabansa, waɗanda a jikin kwali za ka ga an rubuta SP da AQ, sai ya bar wa uwa ƙwaya biyu na AQ, wato amodiyakin, ta ba shi da kanta rana ta biyu da ta uku. Kariyar tana kai wajen sati huɗu, shi ya sa ake dawowa wata mai zuwa. Babban abin lura shi ne yaro mai lafiya ake ba wannan magani don kada ya kamu, wanda jikinsa ya yi zafi kuwa sai an gwada jininsa tukuna. To duk jimlar da ke cikin takardar da wannan sanin na auna ta.

Yadda nake yi, ba na fara buɗe Ingilishin. Kife shi nake yi in ɗauki Hausar kaɗai in karanta da murya, kamar ni ne mai gabatarwa a rediyo, saboda muddin idonka ya riga ya ga asalin to ƙwaƙwalwarka za ta riƙa cike giɓin da kanta, ka ga jimla gurguwa amma ka ji ta daidai don ka san abin da ake nufi, alhali matar da ke daka a Illela ba ta da wannan gatan, Hausar kaɗai za ta ji, sau ɗaya, tsakanin kukan yaro da ƙarar turmi. A wannan karatun ne baƙin jimloli ke fitowa, harshe na tuntuɓe a kansu. Na ci karo da "yaro ya ɗauki maganin", mu kuwa magani shan shi ake yi, ɗauka sai kaya. Na ci karo da "yara su yi barci a ƙarƙashin gidan sauro", wanda mu cikinsa muke kwana, kuma a nan ma sange aka fi cewa. Sai "za a raba maganin ta hanyar ma'aikatan lafiya", wadda kana jinta ka san ginin jimlar Ingilishi ce aka kwaso aka sa mata riga, Bahaushe zai ce ma'aikatan lafiya za su bi gida-gida su raba magani, mai aikin a gaba, aikin a baya. Akwai kuma "yana da muhimmanci a lura cewa" har sau uku a shafi ɗaya, duk na share, ba su ɗauke da komai sai cin daƙiƙun da aka biya kuɗi. Waɗannan ba su cika ba ni tsoro ba gaskiya, suna ɓata daɗin sauraro, suna sa mutum ya ji maganar ta baƙi ce, amma ko an bar su uwa za ta gane. Inda nake jin tsoro shi ne jimlar da ta zauna daram a kunne.

Karatu na biyu shi ne na gwadawa, Ingilishi a hagu na ordinata, Hausa a dama, jimla da jimla, kuma ba manyan kalmomi nake farauta ba, don su mai fassara ya riga ya sha wahala a kansu ya buɗe ƙamus. Ƙananan nake bi: adadi, lokaci, sharaɗi, korewa, da kalmomin da ke nuna ko abu dole ne ko shawara ce ko mai yiwuwa ne kawai. Kowace jimla ina tambayar kaina wa zai yi, me zai yi, wa za a yi wa, yaushe, sau nawa, in me ya faru, sai in nemi amsar a gefe biyun in ga ko sun zo ɗaya.

Ga jimlar da ta fi tsayar da ni. A fuskar ordinata an rubuta "Give one tablet daily for two more days, even if the child seems well." Mai fassara ya ce: "A ci gaba da ba yaro ƙwaya ɗaya kullum na kwana biyu, ko da ya samu sauƙi." Duba ta da kyau, kalma da kalma babu wadda ta ɓata, ɗaya na nan, kullum na nan, kwana biyu na nan. Amma duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san kwana biyu ba lissafi ba ne a bakinmu. Ka haɗu da mutum a kasuwa ka ce masa kwana biyu, alhali wata uku rabonka da shi. A ce wane ya yi jinya kwana biyu, ba wanda zai ƙirga. To uwa ta ji a rediyo a ci gaba da ba shi kullum na kwana biyu, abin da zai shiga kunnenta shi ne a ɗan riƙa ba shi na wani lokaci, sai ta duba ta ga ƙwaya biyu kacal a hannunta, ko ta ɗauka an rage mata ne, ko ta ari na ƙanensa ta ƙara, ko ta ba da ɗaya ta aje ɗaya don ranar da jiki ya yi zafi, wanda dama shi ne abin da ma'aikatan lafiya suka fi kuka da shi, a ɓoye sauran ƙwayoyin a ƙasan akwati. Na juya ta na juya, na gwada "har kwana biyu cif", na gwada "kwana biyu a jere", duk suna da dama amma har yanzu kalmar na nan da inuwarta. Daga ƙarshe na watsar da ita gaba ɗaya na rubuta: gobe ɗaya, jibi ɗaya. Babu mai jin wannan ya yi wani lissafi daban.

Rabin jimlar na biyu ma akwai ɓaraka, kuma ta fi ɓoyuwa. Samun sauƙi sai wanda ya yi ciwo. Da ka ce ko da ya samu sauƙi, ka riga ka gaya wa uwa cewa wannan maganin marasa lafiya ne, sai wadda ɗanta ke guje-guje a tsakar gida ta ce to ni nawa lafiyarsa lau, ba da ni ake ba. Ingilishin ba haka ya ce ba, cewa ya yi ko da ka ga yaron garau. Kalma ɗaya ce ta mayar da maganin kariya ya koma maganin warkarwa, ta rushe dalilin takardar baki ɗaya. Na gane yadda aka yi, mai fassarar ya saba da saƙonnin da ake cewa a ƙarasa shan magani ko an ji sauƙi, hannunsa ya tafi kan abin da ya saba. Irin wannan kaucewa ta sabo ita ce ta fi yawa wajen ƙwararru, ba rashin jin Ingilishi ke kawo ta ba. Gyaran da na yi: ko da lafiyarsa lau, a ba shi, don maganin tsari ne.

Sai kuma wata matsala da ta fi damun mu ƴan Nijar fiye da maƙwabtanmu na Sakkwato ko Kano. Mu da Faransanci muka yi lakwal, Ingilishi daga baya ya zo, don haka in muna karanta shi Faransancin na zaune a tsakiya yana yi mana tafinta ba mu sani ba. Takardar ta ce "Infants receive the smaller pack." Yaron ya rubuta "Yara za su karɓi ƙaramin ƙunshi." Ido ya ga "infant", ƙwaƙwalwa ta ji "enfant" na Faransanci, wanda shi ne yaro kowane iri, alhali a Ingilishin likitoci kalmar jariri take nufi, wanda bai cika shekara ɗaya ba. Kuma a wannan rabon bambancin ba na wasa ba ne, ƴan wata 3 zuwa wata 11 rabin awon da ake ba ƴan shekara ɗaya zuwa sama ake ba su, ƙunshinsu daban. In aka bar "yara", to an ce kowa ƙaramin ƙunshi zai samu kenan, uwar ɗan shekara uku da aka miƙa wa babba sai ta yi zaton an yi kuskure ta raba ƙwayar biyu. Na mayar da ita: jariran da ba su cika shekara ɗaya ba nasu ƙunshin daban ne, ƙarami. Duk lokacin da na san mai fassara ɗan lakwal ɗin Faransanci ne, akwai kalmomin da nake sa wa ido musamman, irin "eventually" da "actually" da "control", don kowacce tana da ƴar uwa a Faransanci mai kama da ita a fuska amma ma'ana daban, na sha ganin yaƙi da cuta ya koma binciken cuta saboda ta ƙarshen nan.

Da na kira yaron da ya fassara a waya kan maganar jariran, shiru ya yi sannan ya ce, "Malam, wallahi na san kalmar, ban san yadda aka yi ta wuce ni ba." Na ce masa haka take yi wa kowa, shi ya sa ba a barin wanda ya fassara ya zama shi kaɗai ne mai dubawa, idon da ya yi kuskuren shi zai sake tsallake shi ko sau goma ya karanta.

Maganar shekaru ma sai da na gyara. Wata 59 ba lissafin da ake yi a gida ba ne, babu uwar da za ta ce ɗana watansa 59, shi kuma mai fassara da ya ga haka sai ya sauƙaƙa ya ce "har zuwa shekara biyar". Niyyarsa mai kyau ce amma "har" ɗinmu tana shigar da abin da aka ambata ciki, in na ce ku zo har da wane to da shi, don haka ɗan shekara biyar cikakku ya shiga kenan, alhali iyakar ita ce wanda bai cika biyar ba. Haka na rubuta, daga wata uku zuwa wanda bai cika shekara biyar ba. Adadi a fassarar Nijar kullum abin tsayawa ne a kai, ko ba na magani ba, ku tuna yadda muke ƙirga kuɗi da dala, ka rubuta ɗari kana nufin sefa 100, mai sauraro a kasuwa ya ji dala ɗari wato sefa 500, jika kuma 1000 ce a wurinmu. Na taɓa ganin sanarwar da wannan kaɗai ya ninka farashinta sau biyar.

Yanzu ga ƙananan kalmomin nan na dole da na yiwuwa, waɗanda Ingilishi ke yi da "may" da "should" da "must". Takardar ta ce "The child may vomit", fassarar ta ce "yaro zai yi amai". Zai yi! An mayar da abin da kan faru ga wasu ya zama alkawari, kuma ka gaya mini uwar da za a ce mata ga magani ɗanki zai yi amai ta karɓa da hannu biyu. Amodiyakin yana da ɗaci, wasu yaran suna amai, gaskiya ne kuma dole a faɗa, ɓoyewa ma cin amana ne, amma a faɗe shi da nauyinsa. Na sa: wani yaron yakan yi amai, ba kowa ba. Jimlar da ke biye ta ce in aman ya zo cikin minti 30 a gaya wa ma'aikacin lafiya, dalili kuwa maganin bai zauna a ciki ba, akan sake ba da wani. A nan na so in sa wani abu da ya fi kusa da rayuwar gida maimakon minti, tunda ba kowa ke da agogo a hannu ba, amma na tsaya, don wannan ba hurumina ba ne. Mai duba fassara yana da ikon sauya kalma, ba shi da ikon sauya awo, in na ce kafin tukunya ta tafasa na ƙirƙiro lokacin da babu likitan da ya sa hannu a kai. Na bar rabin awa, na rubuta tambaya a gefe ga masu takardar.

Ita kuma "sai" ta kusa wuce ni. An rubuta "yaron da jikinsa ya yi zafi sai a gwada shi a ba shi maganin". Karanta ta sau biyu ka ji. Tana iya nufin dole a gwada tukuna, tana kuma iya nufin a gwada kawai sannan a ba shi ko me gwajin ya nuna, jerin aiki. Abin da ake yi a zahiri shi ne in gwaji ya nuna masassarar cizon sauro ce, maganin warkarwa ake ba shi, a bar na kariyar a wannan zagayen, in bai nuna ba ne ake ba shi. "Sai" kalma ce mai fuska da yawa, tana yin dole, tana yin bayan haka, tana yin in ban da, kuma a baki murya ce ke rarrabewa, a takarda kuwa babu murya. Duk inda na gan ta cikin umarni ina tsayawa in tambaye ta wacce ce ita a nan. Wannan na fasa ta gida biyu: yaron da jikinsa ya yi zafi kada a ba shi tukuna. A fara gwada jininsa.

Wuri na shida shi ne kalmar rigakafi, wadda aka sa a kanun takardar. Ba kuskure ba ce a ƙamus, amma a kunnen mutane rigakafi ya riga ya zama allura ko ɗigon baki, abin da ake yi a ce an gama, yaro ya tsira. Wannan magani kuwa na sati huɗu ne, kuma ko a cikin sati huɗun ba ya tare komai da komai, ƙiyasin da hukumar ta bayar a 2012 wajen kashi 75 cikin ɗari ne na kamuwa yake hanawa. Asalin ya yi taka-tsantsan ya ce maganin yana taimakawa wajen karewa, fassarar ta ce yana hana masassara, aka yar da taimakawar don jimla ta yi ƙarfi. Illar ita ce uwa ta naɗe sange ta aje, ko yaro ya yi zafin jiki bayan sati biyu ta ce ai ba masassara ba ce tunda ya sha rigakafi, ta zauna a gida. Ƙarin gishiri a fassara kaucewa ce daidai da ragi, sai dai ita daɗinta ke sa a ƙyale ta.

Masu takardar sun ce mini ai sun riga sun sa wani ya mayar da Hausar zuwa Ingilishi sun gwada, komai ya yi daidai. Wannan hanya ƙungiyoyi na son ta saboda su ba sa jin Hausa, ita ce kaɗai tagar da suke leƙawa. Tana da amfani, tana kama jimlar da aka tsallake ko adadin da aka canza, kuma da an yi ta da kyau da ta kama maganar jarirai da ta amai. Amma kwana biyu fa? Mayar da ita Ingilishi, za ta koma kwana biyunta cif, a buga mata hatimi. Rigakafi ma haka, "sai" kuwa mai mayarwar zai zaɓi ma'anar da ta fi yi masa hankali ya rubuta, shubuhar ta ɓace a hanya. Har ma fassarar da ta fi manne wa Ingilishi, mai ɗaukar magani da barci ƙarƙashin gidan sauro, ita ta fi cin wannan jarrabawar, ta gobe ɗaya jibi ɗaya kuwa sai a ce ta kauce tunda kalmomin ba su zo ɗaya ba. Sai da na rubuta musu dalili a gefe kafin su yarda.

Jarrabawar da na fi yarda da ita ta tsakar gida ce. Na ɗauki tsohuwar fassarar da sabuwa na tafi wurin innata, ƙanwar mahaifiyata, mai riƙon jikoki uku, ba ta yi lakwal ba amma ba a yi mata maganar yara sau biyu. Ba na tambayar mutum ko ya gane, kowa zai ce ya gane don kunya ko don ya sallame ka. Tambayar ita ce me za ki yi. Na karanta mata tsohuwar sau ɗaya, da saurin rediyo, na ce Inna, an bar miki ƙwaya biyu, yaya za ki yi da su? Ta ce, "In ba shi guda, in jikin ya yi dama in aje gudan." Na ce to in lafiyarsa lau tun farko fa? Ta ce, "To mi za ya sa in ba mai lahiya magani, ɗan nan?" Ka ji kaucewa biyun nan sun fito daga bakinta cikin minti ɗaya. Na bari sai da aka yi la'asar, na karanta wa maƙwabciyarta sabuwar, don ita Inna kunnenta ya riga ya ji ta farko, maƙwabciyar ta ce gobe guda jibi guda, ko yana wasa a ba shi. Amma ta tsayar da ni a wani wurin da ban lura ba, ta ce duk maganar yaro ake, ita ɗiya mace gare ta. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga namiji da mace, mu kuwa yaro ya fi karkata ga namiji, kuma kowane aikatau sai ya nuna ya ko ta. Na koma na buɗe saƙon da yara maza da mata, na mayar da yawancin jimlolin jam'i, inda ake magana da mai kula da yaro kuma na sa ku maimakon ki, don kaka da uba da yaya duk su ji da su ake, kuma ku ta fi ladabi a bakin baƙon murya.

Nan ne kuma maganar wace Hausa ta taso. Mai fassarar ya rubuta a kai yaro asibiti a ga likita, Hausar Kano da muke ji a BBC, kowa na ganewa. Amma a bakin mutanen Adar likita wurin ne kansa, a kai shi likita, masassara kuma ta fi zazzaɓi zama a kunne. Ban mayar da takardar Adaranci zalla ba, don za a iya sa ta a Maraɗi ko Damagaram, na dai zaɓi kalmomin da duk ɓangarorin ke ji, na bar wa mai karantawa ya sa muryar garinsu.

Abu na ƙarshe da nake yi kafin in miƙa shi ne bin haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wadda mu a Nijar tun tsarin rubutu na 1999 haka muke rubuta ta, a Najeriya kuma 'y. Takarda in ta bi ta waya biyu uku ƙugiyoyin kan zube ko su koma akwatuna, ɗa ya koma da, ƙafa ta koma kafa, kuma mai karatu a rediyo ba shi da lokacin tsayawa ya yi canke. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "ya sha" na iya zama ya riga ya sha ko kuma umarnin ya sha, a Tawa baki ya raba su tunda "shi sha" muke cewa a umarni, amma a takarda sai na gina jimlar yadda hanya ɗaya kawai za a iya karanta ta. Na aika da ita PDF don kada haruffan su lalace, na haɗa da muryata ina karantawa.

Sakin layin da aka fi gyarawa ga yadda ya fita: "Ma'aikatan lafiya za su ba yaranku, maza da mata, magani na farko a gabanku. Za su bar muku ƙwaya biyu na kowane yaro. Gobe ɗaya, jibi ɗaya. Ko da lafiyarsu lau ku ba su, don maganin tsari ne, kuma kada a ba wani na wani. Wani yaron yakan yi amai, ba kowa ba, in ya yi kafin rabin awa ku gaya wa ma'aikacin lafiya. Maganin yana taimakawa ne, ku ci gaba da kwantar da su cikin sange, in jiki ya yi zafi ku kai su likita." Wannan "kada a ba wani na wani" babu ita a asalin, ni na ba da shawararta bayan hirar tsakar gida, na ja mata layi ja na rubuta cewa ƙari ne daga gare ni, sai da ma'aikaciyar lafiyar da ke kula da rabon ta amince aka bar ta. Da aka gwada karantawa a situdiyo saƙon ya wuce lokacin da aka saya da daƙiƙa 12, mai gabatarwa ya so ya cire "ba kowa ba" da "yana taimakawa ne", na ce a'a, muka rage gaisuwar farko da kiɗan buɗewa.